Yadda ake amsa tambayoyin zaɓi na alamomin hanya da dokokin tuƙi ba tare da hoto ya yaudare ka ba

Da yawa daga cikin masu faɗuwa jarabawar rubutu ta lasin tuƙi sun karanta littafin dokokin tuƙi, wasu ma sun haddace shi, abin da ke kayar da su shi ne suna kallon hoton sau ɗaya da sauri sai idonsu ya sauka kan A da B da C, daga nan kuma amsoshin ne ke gaya musu abin da ke cikin hoton. To ni abin da nake so ka riƙe shi ne tsarin da za ka bi ka karanta hoton kafin ka leƙa amsa ko ɗaya, da yadda za ka tuna dokokin ba sai ka yi haddar alama ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya ba.

Mataki na farko, ka san dangin alama tun kafin ka duba zanen da ke cikinta

Alamomin nan ba haka kawai aka zana su ba. Ƙasashe da yawa suna bin yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Vienna a 1968 kan alamomin hanya, kuma a tsarin nan siffa da launi su ne ke fara magana. Alwatika mai jan baki da tsininta a sama gargaɗi ce, tana cewa akwai wani abu a gaba, kwana ko santsi ko makaranta ko layin dogo, ba ta hana ka komai ba, tana dai so ka rage gudu ka shirya. Da'ira mai jan baki hani ce. Da'ira shuɗiya umarni ce, wato dole ka yi abin da ta nuna. Mai kusurwa huɗu kuma, yawanci shuɗiya ko koriya, bayani take ba ka, kamar inda asibiti yake ko wajen fakin ko hanyar wani gari.

Amfanin wannan a jarabawa babba ne, saboda ko ka manta ma'anar zanen da ke ciki, dangin kaɗai zai cire maka amsa biyu cikin huɗu. A ce an nuna maka alwatika mai hoton keke a ciki, amsa ta farko ta ce an hana kekuna, ta biyu ta ce hanyar kekuna ce kawai, ta uku ta ce yi hattara masu keke na iya ratsowa. Alwatika ba ta hani kuma ba ta umarni, shikenan ta uku ce. Wannan keken dai in ka gan shi cikin da'ira mai jan baki to an hana kekuna, in kuma cikin shuɗiyar da'ira yake to hanyar masu keke ce. Zane ɗaya ma'ana uku, kuma masu tsara tambaya sun san haka sarai shi ya sa suke jera maka dukkansu a matsayin zaɓi.

Akwai guda uku da aka ba su siffa ta daban da gangan. Alamar STOP mai kusurwa takwas, sai alwatikar da aka kifa tsininta ƙasa wadda ke nufin ka ba da hanya, sai kuma mai kusurwa huɗu da aka tsayar kan tsini, rawaya a tsakiya da farin baki, wadda ke cewa kana kan hanyar da ke da fifiko. An bambanta siffarsu ne don direban da ke ɗaya ɓangaren ya gane su ko ta baya, ko da ƙura ta rufe fuskarsu. Tambayar da ba ta ƙarewa a nan ita ce bambancin STOP da alwatikar da aka kifa. A STOP dole tayoyi su tsaya cak a layi ko da hanyar wayam take, a ɗayar kuwa za ka rage gudu ka duba, in babu mai zuwa ka wuce ba sai ka tsaya ba. In amsa ta ce "ka tsaya idan akwai mota" a ƙarƙashin hoton STOP, tarko ne, don sharaɗin "idan" ɗin nan na ɗayar alamar ne.

Sai dai ka lura, ba ko'ina ake bin tsarin nan ba. A Amurka da Kanada da Ostireliya alamar gargaɗi rawaya ce mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsini, da baƙin zane a ciki. Don haka kafin ka fara atisaye da tambayoyin da ka samo a waya, ka tabbatar na ƙasar da za ka zana jarabawar ne, kuma littafin hukumar da ke ba da lasin shi ne alƙali duk inda aka samu saɓani.

Mataki na biyu, ka haɗa alamomin da suka yi kama ka koye su tare

Kada ka koyi alama ita kaɗai in tana da 'yar'uwa, don a jarabawa tare za su zo maka. Jan da'ira mai farin layi kwance a tsakiya tana nufin ba shiga ta nan, galibi bakin hanya ce mai hannu ɗaya, motoci na fitowa daga cikinta. Farar da'ira mai jan baki da ba komai a cikinta kuma tana nufin an rufe hanyar ga ababen hawa ta kowane ɓangare. Mutane na ganin ba komai a ciki sai su zaɓi "ƙarshen hani", alhali ƙarshen hani farar da'ira ce da aka ratsa da baƙin layi a karkace, babu ja a jikinta.

Shuɗiyar da'ira mai jan baki da jan layi ɗaya a karkace, ba fakin, amma za ka iya tsayawa ɗan lokaci ka sauke mutum. In layin biyu ne sun gitta juna, to ko tsayawar ma an hana, sai dai in cunkoso ko larura ta tilasta maka. Yadda za ka tuna, layi ɗaya abu ɗaya aka hana, layi biyu abu biyu.

Lamba 60 a cikin jan baki iyakar gudu ce, kar ka wuce. Lamba fara a cikin shuɗiyar da'ira kuma mafi ƙarancin gudu ce, kar ka yi ƙasa da ita in hanya ta ba da dama. Kaga in ka riƙe cewa shuɗi umarni ne ba za ka rikita su ba.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce ta matsattsiyar hanya, kamar ƙaramar gada da mota ɗaya kawai ke iya bi. Kibiyoyi biyu ne, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa. Wadda ke kallon sama ita ce kai, don ita ke nuna inda ka dosa. In alamar da'ira ce mai jan baki kuma kibiyarka ce ja, kai za ka jira. In shuɗiya ce mai kusurwa huɗu, kibiyarka fara, ta mai zuwa ce ja, to kai ke da fifiko. A nan dai duk wanda kibiyarsa ta yi ja shi ne mai jira, abin da za ka nema kawai shi ne wace ce taka.

Mataki na uku, karatun hoton kansa

Nan ne aikin yake. Ka rufe amsoshin da hannu ko takarda, in a kwamfuta ne ka hana idonka sauka ƙasa, sannan ka tambayi hoton abubuwan nan a jere.

Da farko wane ne kai a hoton. Wani lokaci ana nuna maka hanya ta cikin gilashin gaba kamar kana riƙe da sitiyari, wani lokaci kuma daga sama ake kallon mahaɗar ana cewa kai ne shuɗiyar mota. In daga sama ne, dama da hagu na direban ake nufi, ba naka da kake zaune kana kallon takarda ba. Motar da ke saukowa daga saman hoto, damarta tana hagunka. Wannan kaɗai na cinye maki da yawa, in takarda ce ka juya ta yadda motar za ta fuskanci gaba, in allo ne ka saka kanka a kujerar direban a zuci.

Na biyu, wa ke ba da hannu a wajen. Akwai matakin iko da ba ya canzawa, jami'in da ke ba da hannu yana gaba da danja, danja tana gaba da alamomin fifiko, alamomin kuma suna gaba da dokar gama-gari da ake komawa gare ta in babu komai a mahaɗar. Don haka in ka ga ɗan sanda a tsakiyar hoto, koriyar danjar da ke gefe an saka ta ne don ta ja hankalinka. In ya buɗe hannuwa yana fuskantarka ko ya ba ka baya, ka tsaya, waɗanda ke gefensa ne ke wucewa. In ya ɗaga hannu ɗaya sama kowa ya tsaya, banda wanda ya riga ya shiga tsakiyar mahaɗar. Haka in danja na aiki kuma akwai alamar STOP a jikin ƙarfenta, danjar za ka bi, alamar tana nan ne saboda ranar da fitilar ta mutu ko take ƙyafta rawaya kawai.

Na uku, ƙaramin allon da ke ƙarƙashin alama. Ƙarami ne amma yana iya juya ma'anar gaba ɗaya, ko ya ce hanin na manyan motoci ne kawai, ko daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko sai bayan mita 200.

Na huɗu, fentin ƙasa. Layi mai yanke-yanke za ka iya ƙetarawa in hanya ta yi kyau, layi miƙaƙƙe mara yankewa ba a ƙetarawa. In biyu ne a jere, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya mai yanke-yanke, wanda ke kusa da kai shi ne naka.

Na ƙarshe ka bi gefe-gefen hoton, don a can ake ɓoye abin da tambayar ke nema. Madubi, ko akwai babur da ya fara shan gabanka. Sigina, wace mota ce ta kunna kuma ta wane ɓangare. Ƙafar yaro a bayan motar da aka faka, ƙwallo a kan titi, bas da ta tsaya tana sauke fasinja, kwalta mai sheƙi alamar an yi ruwa, har agogon gudu da ke gaban direba in an nuna shi. Mai zanen bai saka komai don ado ba, duk abin da ka gani akwai dalilinsa.

Bari mu gwada da tambaya guda

Ƙasar da ake tuƙi a hannun dama ce, mahaɗa mai hanya huɗu, ana kallonta daga sama. Kai ne shuɗiyar mota kana tahowa daga ƙasan hoto kuma miƙewa za ka yi. Daga damanka jar mota ce, ita ma miƙewa za ta yi. Daga hagunka farar babbar mota, ita ma ba ta kunna sigina ba. A gabanka akwai alamar nan rawaya ta fifiko, ƙarƙashinta ƙaramin allo da aka zana layi mai kauri ya taso daga ƙasa ya lanƙwasa hagu, sai sirara biyu, ɗaya sama ɗaya dama. An ce wane tsari za a bi a wuce. A ta ce ja, sai kai, sai fara. B ta ce fara, sai kai, sai ja. C ta ce kai, sai fara, sai ja.

Mai gaggawa zai tuna dokar "ka ba na damanka hanya" ya danna A. Amma bi tsarin. Babu jami'i, babu danja, to alama ce ke mulki, dokar dama ba ta fara aiki ba tukuna. Ƙaramin allon ya nuna babbar hanyar ba miƙewa ta yi ba, ta taso daga inda kake ta karya hagu, ke nan kai da farar mota kuna kan hanya mai fifiko, jar mota tana kan ƙaramar hanya, kuma in ka duba da kyau za ka ga bayan alwatikar da aka kifa a gabanta. Ja ta koma ƙarshe, A ta fita.

Saura kai da fara, matsayinku ɗaya, to yanzu ne dokar dama za ta raba ku. Shiga kujerar direban farar motar, ya taho daga hagun hoto yana fuskantar dama, hannunsa na dama yana kallon ƙasan hoto, inda kake. Kai ne a damansa, shi zai jira. Amsa C ce. B an saka ta ne saboda masu tunanin babbar mota ce ke fara wucewa, ko masu ganin tunda kai za ka bar babbar hanyar ka miƙe to ka rasa fifiko, alhali fifikon yana bin hanyar da ka shigo ta kanta ne.

Yanzu canza abu ɗaya ka gani. In an cire alamomin duka, ja ce ba ta da kowa a damanta, ita za ta fara, sai kai, sai fara, A ta zama daidai. In aka ɗora wa jar motar fitila mai walƙiya da jiniya ta zama motar asibiti, ita za ta fara ko da alamomin na nan. Irin haka bankin tambayoyi yake, hoto kusan iri ɗaya sau uku ko huɗu da ɗan canji, shi ya sa wanda ya haddace "hoton nan amsarsa C" yake faɗuwa. Kuma ka sani dokar ba na dama hanya ba ta ko'ina ba ce, a ƙasashen da ake tuƙi a hagu kamar Birtaniya da Japan da Kenya abubuwa da dama na juyawa, har zagayen shataletale ma, don haka ka duba me littafinka ya ce game da mahaɗar da ba ta da alama.

Mataki na huɗu, ka karanta tambayar sau biyu

Bayan hoto sai kalmomi. "Dole" daban, "za ka iya" daban. Koriyar danja izini ce ka wuce in hanya a buɗe take, ba dole ba ce, in gabanka a cushe yake kuma shigarka za ta toshe mahaɗar to jira za ka yi. Rawaya kuma tsayawa take nufi, sai dai in ka matso sosai har taka birki zai jawo haɗari, amsar da ta ce ka ƙara wuta ka wuce kafin ja ba ta taɓa zama daidai.

Ka nemi ƙananan kalmomin da ke juya tambaya, irin su "banda", "wanne ne ba daidai ba", "me za ka fara yi". Ta ƙarshen nan tana da wayo, don duk amsoshin na iya zama abubuwan da za ka yi, ana neman na farko ne kawai. Za ka canza hannu, akwai sigina, akwai juya sitiyari, akwai duba madubi, to madubi ne farko, sai sigina, sai motsi. Ka kuma duba ko an ce amsa ɗaya ko fiye, wasu jarabawoyin na karɓar biyu ko uku a tambaya ɗaya kuma in ka bar ɗaya ka rasa makin.

In ka rage amsa biyu kuma ka rasa ta zaɓa, ɗauki wadda ke kare wanda ya fi rauni a hoton, mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko yaro. Amma kar ka mai da wannan doka ta makanta, don tsayawa cak a tsakiyar babban titi ko taka birki da ƙarfi ba gaira ba dalili shi ma haɗari ne, kuma ana saka shi a zaɓi don masu ganin duk amsar da ta ce "tsaya" ita ce mai lafiya.

Tambayoyin lissafi

Ba su da yawa amma kusan kullum suna fitowa. Nisan tsayawa kashi biyu ne, tafiyar da mota ke yi kafin ƙafarka ta kai birki, da wadda take yi bayan ka taka. Akwai ƙiyasin da makarantun tuƙi da yawa ke koyarwa, ka raba gudun da goma, ka ninka da uku ka samu kashi na farko a mita, sannan lambar da ka samu bayan rabawa da goma ka ninka ta da kanta ka samu na biyu. A gudun kilomita 50 a awa, biyar sau uku mita 15, biyar sau biyar mita 25, jimla 40. A gudun 100 kuma 30 da 100, jimla 130. Lambobin littafin ƙasarka na iya bambanta da waɗannan kuma su za ka rubuta, amma alaƙar ba ta canzawa, in gudu ya ninka biyu nisan birki ninki huɗu yake yi. Amsar "ninki biyu" kullum tana nan a zaɓi tana jiran mai sauri. Tazara tsakaninka da na gaba kuma da daƙiƙa ake aunawa, aƙalla biyu a busasshiyar hanya, wasu littattafan na cewa uku, in an yi ruwa a ninka.

Yadda za ka yi bita ya zauna

Ka samu ƙaramin littafi na kurakurai kawai. Duk tambayar da ka faɗi a atisaye, kar ka rubuta "amsa B ce", rubuta dokar da kalmominka, sannan a gefe ka saka dalilin faɗuwar, ko ban san dokar ba, ko ban ga abu a hoton ba, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan tambaya hamsin ko sittin za ka ga inda matsalarka ta taru. In na farko ne ya fi yawa koma littafi. In na biyu ne ƙarin karatu ba zai yi maka magani ba, abin yi shi ne ka riƙa faɗin abin da ke hoton da baki kafin ka buɗe amsoshi, ni ne wannan, babu jami'i, babu danja, ga alama, ga ƙaramin allo, ga babur a madubi. In na uku ne kuma to gudu kake yi, ka sa yatsa kan kalmar da ke juya tambaya kafin ka zaɓa.

Tambayar da ka faɗi yau ka sake ta gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, wannan ya fi ka zauna dare ɗaya ka yi ɗari uku. In manhajar da kake amfani da ita tana da wajen cakuɗa tambayoyi ka kunna shi, don in jerin bai canzawa za ka fara tuna wurin amsa a maimakon doka kuma ba za ka ankara ba sai ranar jarabawa. Wadda ka ci da sa'a ma ka saka ta cikin littafin kurakuran.

Sannan duk lokacin da kake cikin mota wani na tuƙi, ka riƙa kiran alamomin tun daga nesa, dangi tukuna sannan ma'ana, in kun iso mahaɗa ka faɗa a ranka wa ya kamata ya fara wucewa. Sai dai ka kiyaye, abin da direbobi ke yi a titi sau da yawa ya saɓa wa littafi, wanda ya fi ƙarfin hali ne ke kutsawa, kuma in ka saba da ganin haka zai iya bin ka har ɗakin jarabawa ka zaɓi amsar da ta yi kama da abin da ka saba gani. In ka ga direba ya yi wani abu kuma kana shakka, rubuta shi a waya, in ka koma ka buɗe babin da ya yi magana a kai ka gwada.